Doguwar tambaya ba alamar shiri ba ce

"In tambayata ba ta yi tsawo ba, ai baƙo zai ɗauka ban yi shiri ba." Haka wani matashi mai koyon gabatar da shiri ya ce mini a nan Zariya, kuma da yawa haka suka ɗauka. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, baƙo yana son ya ga an san shi.

Amma bincike wurinsa shimfiɗa, wato layukan da kake karanta wa masu sauraro kafin tambaya. A ce ka gayyato manomin masara daga Giwa. Ka rubuta: "Malam, ganin taki ya yi tsada, ruwa ya makara, ko za a ce manoma sun wahala bana?" Ka riga ka amsa masa. Abin da ya rage masa "Ƙwarai kuwa" ne, sai shiru.

Mayar da zancen taki cikin shimfiɗa, jimla biyu, sannan: "Malam, yaya ka yi da gonarka da taki ya gagara?" Tambaya ɗaya, mai "yaya". Nan zai kawo labarin takin gargajiya da bashin da ya ci.

Ni nakan bar fili a takarda ƙarƙashin kowace tambaya, saboda ta gaba daga bakinsa za ta fito.