"Na gani da idona" ba hujja ba ce a kan sikirinshot

Makon jiya wani sikirinshot ya zagaye guruf-guruf na unguwarmu a Ƙofar Marusa. Wai wata uwar adashi ce take gaya wa ƙawarta cewa ta cinye kuɗin zubi. Kafin la'asar mata sun cika mata ƙofar gida. Duk wadda ka ce wa a bi a hankali, amsarta ɗaya ce: "Malam, ai na gani da idona." Wannan maganar ce ta hana ni sakat.

Me aka gani? Sunan da ke saman hira a WhatsApp ba mai saƙon ne ya sa shi ba, mai wayar ne ya ajiye lambar da sunan da ya ga dama. Wanda ke da layi biyu zai iya ajiye na biyun da sunan Hajiya wance, ya ɗora hotonta a kai, ya tura wa kansa duk abin da yake so a ce ta faɗa, sannan ya ɗauki hoton allon. Babu wani tabo da za a gano a jikin hoton, domin hirar ta gaske ce, mutum ɗaya ne kawai yake yi da kansa.

Ko da hirar tasu ce, ana iya yi mata kwaskwarima. Idan aka goge saƙo da "Delete for everyone" yana barin alama, amma "Delete for me" ba ya barin komai. Sai mutum ya share tambayar da ya yi, ya bar amsar ita kaɗai, ma'ana ta juye.

Masu cewa ba a hayaƙi sai da wuta sun manta cewa wutar a hannun mai wayar take. Ko kotu, a sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, tana neman bayani kan na'urar da ta fitar da irin wannan hujja kafin ta karɓa. Mu kuwa muna yanke hukunci a kan hoton da ya bi hannu goma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A cikin hoton nan akwai sunan wata mata da aka ambaci bashinta, da lambobin mutum biyu a fili. Wa ya nemi izininsu? Sirrin da aka faɗa tsakanin mutum biyu amana ne, kuma masu turawa ko rufe sunayen ba su yi ba.

Wanda ya kawo maka sikirinshot, ka ce ya miƙo wayar. Ka taɓa sunan ka karanta lambar, ka ja hirar sama ka ga abin da ya gabata, sannan ka je ka ji ta bakin wadda ake zargi. A unguwarmu, har yau ba a samu wanda ya ce a wayarsa aka ɗauki hoton ba.