Ƙannena, ku karanta layin da riyal ɗin aljihunku

Ran Juma'a bayan la'asar muna zaune a Shara Mansur, wani ƙanena da bai daɗe da aure ba ya miƙo min waya yana murmushi. Wai in duba, layin tsadar abinci ya fara saukowa, sauƙi ya zo. Na karɓa na duba, na tambaye shi ko mai bagalar unguwarsu ya rage masa ko da riyal ɗaya a kan buhun shinkafa. Ya yi shiru. Shi ya sa nake son mu yi wannan magana, ku samarin da kuka fara riƙe gida a nan Makka da Jidda, domin da yawanku kuna kallon zanen farashi kamar hoton ado, ido ya bi layi sama ko ƙasa, shi ke nan an wuce.

Kafin ka kalli layin, kalli gefen zanen. A ƙasa watanni ne a jere. A gefe kuwa lambobi ne, kuma su za ka fara tuhuma: riyal ake nufi, ko kashi cikin ɗari? Zanen da ƙanena ya nuna min na kashi cikin ɗari ne, wato saurin da farashi ke hawa idan aka gwada shi da na wannan watan a bara. Idan irin wannan layi ya sauko daga kashi 6 zuwa kashi 2, kaya ba su sauko ba. Suna nan suna hawa, gudun ne kawai ya koma tafiya. Sai layin ya nutse ƙasa da sifiri za ka ce farashi ya ragu.

Mun ga wannan da idonmu. A watan Yulin 2020 aka ɗaga harajin kaya daga kashi 5 zuwa kashi 15, abin da kake biya riyal 105 ya koma 115 dare ɗaya. Shekara na zagayowa, a Yulin 2021, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Saudiyya suka nuna hauhawar farashi ta faɗo daga sama da kashi 6 zuwa ƙasa da kashi 1. Wanda ya ga layin a lokacin zai rantse an yi araha. Ba a yi ba. An daina gwadawa da watannin kafin harajin ne, amma 115 ɗin nan tana nan daram, ba ta koma 105 ba.

Sannan duba inda lambobin gefen suka fara. Idan daga sifiri aka fara, ƙarin kashi 10 zai fito kamar ɗan tudu. Idan aka yanke ƙasan aka fara daga kusa da farashin, wannan ƙarin dai zai miƙe kamar hawan Dutsen Nur. Lamba ɗaya ce, mai zane ne ya zaɓi ko ya tsorata ka ko ya kwantar maka da hankali.

Ni dai zanen da na fi yarda da shi shi ne wanda mutum ya yi da hannunsa, domin na hukuma ya haɗa kowa da kowa, har da masu cin abin da ni da kai ba ma saye. Bari mu ɗauki gida mai samun riyal 3,000 a wata. Haya 1,000, wuta da ruwa da waya da mota 300. Cefanen wata, wato shinkafa da mai da sukari da kaza da madara da kayan miya, ya kama 1,200 a Janairu. Maigidan ya riƙa rubutawa, kaya iri ɗaya, yawa ɗaya, kowane wata: Fabrairu 1,230, Maris 1,260, Afrilu 1,330, Mayu 1,300, Yuni 1,320. Wannan sharaɗi na yawa ɗaya ba wasa ba ne. Idan watan nan kilo goma ka saya, wata mai zuwa kilo biyar, cikinka kake aunawa, kasuwa ba ta shiga lissafin ba.

Ɗora waɗannan lambobi shida a takarda ka haɗa su da layi. Za ka ga tsini a Afrilu, kuma a misalin nan azumi ne ya faɗo a watan. Kada tsinin ya ɗauke maka hankali, kada kuma saukar Mayu ta ruɗe ka. Abin tambaya shi ne, bayan salla layin ya koma inda yake kafin azumi? Maris 1,260 ne, Mayu 1,300. Bai koma ba. Da azumi ne kaɗai ya tura shi, da ya dawo gida. Tunda ya sauka a matakalar da ta fi ta baya tsawo, hawan gaske ne. Ku kuma tuna azumi da Hajji suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekarar miladiyya, don haka tsinin bana ba lallai ya faɗo a watan da na bara ya faɗo ba.

Yanzu ga inda maganar take da zafi. Daga 1,200 zuwa 1,320 ƙarin riyal 120 ne, kashi 10 cikin ɗari. Sai ka ce ai ba yawa. To amma daga ina 120 ɗin za ta fito? Mai gidan haya ba zai rage maka ba, kuɗin wuta ma haka, albashi kuma yana inda yake. A Janairu, bayan an cire komai, riyal 500 ke saura, kuma a cikinta ake aika wa su Inna, a sayi magani, a ajiye na ko-ta-kwana. A Yuni saura 380. Abinci ya hau da kashi 10, amma rararka ta zube da kashi 24, kusan rubu'i. Wannan ne lissafin da zanen ba ya nuna maka, kai za ka yi shi.

Kana iya leƙa gaba kaɗan. Riyal 120 a wata biyar, 24 ke nan kowane wata. Idan tafiyar ta ci gaba haka, a Disamba cefane zai kai 1,464, rara ta koma 236. Ba duba nake yi ba, layi yana iya lanƙwasa ko'ina, amma mai hankali da wannan lambar yake shirya kasafinsa har sai ya ga akasi wata biyu ko uku a jere.

Daga nan sai ka tsaga jimillar ka ga wane kaya ne ke jan layin. Idan tumatir ne da albasa, waɗannan hawa da sauka ne halinsu, zuwa kasuwar Ka'akiya ku uku ku raba kwali ya wadatar. Idan shinkafa ce ko mai ko madarar gari, to a kula, domin daga waje ake kawo mafi yawansu, shinkafar ma akasari daga Indiya, kuma idan suka hau ba su cika gaggawar saukowa ba. Su ne ake saye da yawa ranar da albashi ya shigo, tunda ba sa lalacewa da wuri.

Abin da nake roƙonku ku guje wa shi ne cike giɓin da littafin bashin mai bagala. Riyal 120 ce a wata, ba ka jin nauyinta, sai wata shida ta cika ka tarar da 720 a rubuce da sunanka. Gara ka kira gida tun yanzu ka ce, Inna, daga wata mai zuwa abin da nake aikowa zai ɗan ragu, ga dalili. Ƙanen nawa ya ce wannan kiran ya fi masa lissafin wuya. Na ce na sani, na ba shi biro da takarda, na ce ya fara rubuta kuɗin shinkafar da ya saya jiya.