Wa ke sikanin wa?

"A babban shagon nan na unguwar GRA an ce in buɗe QR ɗina su yi sikanin, a Kasuwar Katsina kuwa ni nake ɗora waya a kan nasu. Ba duk ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne, Malam. QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da kyamarar waya ke karantawa, iri biyu ne a nan. Wanda ke manne a jikin teburin mai shago adireshin asusunsa ne kawai, shi ya sa zai shekara bai canza ba. In ka sayi shadda ta naira 18,000, kai za ka ɗora kyamara, sunan mai karɓa ya fito, ka rubuta kuɗin, ka sa PIN. Kai ne mai turawa, don haka in ka ƙara sifili ɗaya, daga aljihunka ne. Kuma ɓarawo na iya liƙa tasa takardar a saman ta mai shago. Ka karanta sunan da ƙarfi, mai kaya ya ce shi ne, sannan ka tura.

Wanda kake buɗewa a wayarka don shago ya yi sikanin kuwa izini ne na a ciri kuɗi daga asusunka. Na'urar shago ce ke sa adadin, kai sai dai ka ga alat, ko a nemi ka amince. Yakan mutu bayan ɗan lokaci, kuma sau ɗaya yake aiki. Nan mutane ke ruɗewa: wani ya ce turo min hotonsa in biya ka, kai ko ka tura, kana zaton lambar asusu ce. Da wannan hoton a hannunsa, kafin ya mutu, kuɗinka zai iya ja.