Kafin ka yanka sitika, nemo inda haruffan suke zaune

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin allon shaguna da sitika tsakanin Nima da Accra New Town, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga allo mai kyau an yi masa faci, sabon layi ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta ko ya ɗage sama. Masu yin haka ba su rasa hannu ba. Akwatin da kwamfuta ke zagaye rubutu da shi suke aunawa, su bar harafin.

Ni ma na taɓa yi. Wata Hajiya a Maamobi ta sauya kayan sayarwa, ta ce in canza mata layi biyu na ƙasa cikin huɗu. Tsohon layin "Hula da takalma" ne, na sa rula na samu milimita 86. Na buɗe CorelDRAW, na rubuta "Kayan yara", na ba shi tsayin 86, na yanka. Da na manna, Hajiya ta ja da baya ta ce, "Ɗana, wannan ai ƙanen na sama ne." Gaskiyarta. Tsohon layin ba shi da harafi mai jela, sabon kuwa yana da y har biyu, kuma akwatin ya haɗa da jelar da ke saukowa ƙasa. K ɗina ya fito wajen 67, ya rasa kusan santimita biyu. Ga rana ta koɗar da allon, inuwar tsofaffin haruffa na leƙowa ta bayan sababbi.

Tun ranar nake farawa daga gindi. Duk layin rubutu yana da zaren da haruffansa ke zaune a kai, kuma kafin in ɓare komai sai na manna tef a gefe biyu na allon, na ja alamar fensir daidai ƙasan harafi mai shimfiɗaɗɗen gindi, irin H ko E. Kada ka auna da O, S ko C. Masu zana haruffa suna barin masu zagaye su ɗan zarce sama da ƙasa don ido ya gan su daidai da sauran, in ka bi su ka ƙara wa kanka milimita ɗaya ko biyu a babban rubutu.

Sai girma. Lambar pt, wato ma'aunin girman rubutu da kake gani a kwamfuta, ba tsayin H ba ce, tsayin filin da aka zana harafin a ciki ne. A salon rubutu na Arial, babban harafi yana cin kusan 0.716 na wannan fili. Allon Hajiya Arial Bold ne, sai na raba 86 da 0.716, na samu milimita 120. Kowane pt ɗaya milimita 0.3528 ne, wato 340 pt ke nan. Times New Roman nasa wajen 0.66 ne, shi ya sa lamba ɗaya ba ta ba ka tsayi ɗaya a salon rubutu biyu. In ba ka son lissafi, rubuta H shi kaɗai, ka ƙara masa girma har ya kai 86, ka karanta lambar, ka ba sauran kalmomin.

Tazarar layi kuma daga gindi zuwa gindi ake auna ta, ban da farin da ke tsakani, don shi jela da dogayen haruffa ke sauya shi. Na auna daga gindin layin farko zuwa na huɗu, 405, na raba uku, 135. Auna da yawa a raba ya fi auna ɗaya, kuskuren rula yana raguwa. Da na bar Photoshop ya zaɓi tazarar da kansa a kan Auto, zai ba da kashi 120 cikin ɗari na girman, wato 144: layi na uku ya sauka da milimita 9, na huɗu da 18.

Wasu abokan sana'a na cewa hoton waya ya isa, a auna a shago. Ban yarda ba. Allon da ke sama da kai, in ka ɗauke shi daga ƙasa, layukan sama suna tsukewa. Hau tsani da rular ƙarfe.

Gwajina na ƙarshe kafin wuƙa ta taɓa sitika: na buga wata tsohuwar kalma a farar takarda da girman da na samu, na ɗora ta kan wadda ke allon. In tsayi ya dace amma faɗi ya ƙi, ko salon rubutun daban ne, ko mai aikin farko ya ja haruffan gefe. A wurin Hajiya "Hula" ta hau kan inuwar tsohuwar "Hula" daidai wa daida, sannan na sake yanka layi biyun da kuɗin aljihuna.