Rubutun bayan rasit ba ya wanke kamfanin mota daga kowane laifi

Duk wanda ya taɓa aika kaya daga Gombe zuwa Bauchi ko Kano ya san yadda abin yake. Za ka miƙa ƙunshinka, yaron ofis ya rubuta suna da lambar waya a jiki, ka biya, sannan ya yago maka rasit. A bayan rasit ɗin akwai wasu layuka da Turanci, ƙanana kamar sawun tururuwa, masu cewa kamfani ba ruwansa da duk abin da ya sami kaya, ko kuma ba zai biya fiye da ninki goma na kuɗin dako ba.

Wani ɗan kasuwa da na sani ya aika atamfa turmi 20 ta naira 400,000, ya biya naira 5,000. Kaya suka kwana a filin tasha ba rumfa ba mai gadi, gari ya waye babu su. Da ya je, manaja ya juya masa rasit ya ce: "Alhaji, ai ga shi a rubuce, dubu hamsin ce haƙƙinka." Ya karɓa, ya ce ya bar su da Allah. Wannan haƙurin ne ke ci min rai, domin doka ba ta ce rubutun nan shi ne ƙarshen magana ba.

Abu na farko da alƙali zai tambaya shi ne yaushe aka nuna masa sharaɗin. Yarjejeniya tana ƙulluwa ne lokacin da aka daidaita aka biya, abin da ya zo bayan nan ba ya cikinta. A ƙarshen 1948 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi hukunci a shari'ar Olley da otal ɗin Marlborough Court: wata mata mai suna Olley ta biya kuɗin ɗaki a wurin karɓar baƙi, sai da ta shiga ɗaki ta tarar da sanarwar cewa otal ba ya ɗaukar alhakin sata. Aka sace mata kaya, kotu ta ce sanarwar ta makara. Kotunanmu suna jingina da wannan ƙa'ida. Rasit da aka yago bayan kuɗi sun shiga aljihu, ba allo a bango, ba wanda ya ce maka uffan, ƙafarsa ɗaya ce a gaban alƙali. Sai dai a kula: idan ka sa hannu a takarda, galibi ta ɗaure ka ko ba ka karanta ba, haka idan ka daɗe kana aike da su kana karɓar rasit iri ɗaya, za su ce ka san sharaɗin.

Yanzu kuma akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 128 ya ce duk sharaɗin da ke rage alhakin kamfani dole a jawo hankalin mai biya zuwa gare shi a fili, a ba shi damar fahimta. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da suka karkata ɓangare ɗaya har suka zama zalunci. Sashe na 129 ya fi su kaifi: ba a yarda kamfani ya cire kansa daga asarar da mummunan sakacinsa ko na ma'aikatansa ya jawo ba. Barin dukiyar mutane a fili har asuba, a ganina, sakaci ne irin wannan, kuma ko da an karanta wa Alhajin sharaɗin da Hausa, ba zai rufe wannan ɓarakar ba.

Masu motoci suna da tasu hujja, ba kuma ta banza ba ce. Wanda ya karɓi naira 5,000 ba zai ɗauki nauyin miliyoyin da aka ɓoye a kwali aka ce masa tsummokara ne ba, ga 'yan fashi a hanya, ga haɗari. Doka ba ta hana a sa iyaka ga diyya ba. Abin da ta hana shi ne a ɓoye iyakar, ko a mai da ita bargon rufe ganganci. Gyaran kuwa ba wuya: a kafa allo da Hausa a inda ake biya, a tambayi kowa kimar kayansa a rubuta a rasit, mai kaya masu tsada ya ƙara kuɗi a ɗauki cikakken nauyinsu.

Kafin su yi haka, mai aike ya sa a rubuta adadin kaya da kimarsu, ya ɗauki hoton ƙunshin da rasit gaba da baya. Idan kaya suka ɓata, ya rubuta wa kamfani takardar neman diyya ya riƙe kwafi, in sun ƙi ya kai ƙorafi FCCPC ko kotu. Kada kuma ya sa hannu a wata takarda da ke cewa ya karɓi dubu hamsin a matsayin cikakken biya, domin wannan sa hannun ne zai kashe masa sauran naira 350,000.