Makullin da aka karɓa kafin a share makoki

Labari zan ba ku yau, mutanen Tawa, kuma ban kama sunan kowa ba. Wanda ya ga ya yi kama da gidansu, sai ya tuna mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wani Alhaji ne mai shago a bakin babbar kasuwa, shinkafa da sukari da mai da taliya, kayan da yake ɗaukowa daga Ƙonni. Ya rasu ya bar mace ɗaya da ɗiya biyu mata, ba namiji, iyayensa kuma sun riga shi. Yana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan wan nasa, Allah ya ba shi tsawon carbi da gajeren haƙuri, ranar sadakar uku ya miƙa hannu ta bayan labule ya ce wa mai takaba: "Hajiya, kawo makullin shago in adana, kin san yaran yanzu." Ta ce: "To, Yaya." Me za ta ce? Idonta bai bushe ba.

Ranar bakwai ya tara dangi, ya zaro takarda daga aljihun babbar riga. Wasiyya ce ta gaskiya, ban ce ta jabu ba ce, Alhaji ya rubuta ta shekara 9 da suka wuce: sulusin shago na ɗan wansa ne. Kuma a shari'a ta zauna, domin ɗan wa ba ya gadon baffansa muddin ubansa na da rai, wanda ba ya gado kuwa ana iya yi masa wasiyya. Aka ƙidaya kaya, aka biya masu bin bashi na Ƙonni, abin da ya saura ya kama miliyan 10 da jikka 800 na sefa. Aka cire wa yaron sulusi, miliyan 3 da jikka 600. Sauran aka kasa 24 yadda malamai ke yi: mata ta ɗauki tumuni, kaso 3, jikka 900 ke nan. Ɗiyan biyu suka ɗauki kaso 16, kowace miliyan 2 da jikka 400. Kaso 5 da suka rage na wa ne, miliyan ɗaya da rabi. Ku haɗa nasa da na ɗansa, za ku ga gida ɗaya ya kwashi sama da miliyan 5, ya fi abin da marayun biyu suka samu a haɗe. Aka rubuta takardar taron dangi, aka sa shi wakilin magada, ya kai jastis aka buga hatimi. Ran nan har sabon takalmi muka gani.

Akwai wani yaro da ba a ko kira shi taron ba. Maraya ne daga wajen Keita, shekara 14 yana sauke buhu yana kwana a bakin shagon nan. Washegari aka ce ya nemi wani wuri.

Hajiya ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki. Da ta fita takaba ta buɗe adakar mai gidanta don ta raba tufafinsa sadaka. A ƙasa akwai gafakar Alƙur'aninsa, a cikin gafakar akwai takarda ninki huɗu da rubutun ajami. Ita kuwa ta yi makarantar allo, ba ta nemi mai karanta mata ba. Ta karanta sau biyu, ta mayar, ta ɗora tukunya. Ko ɗiyanta ba ta gaya wa ba sai da ta kwana uku tana tunani. Ni da nake maƙwabciyarta na ga ta yi shiru fiye da kullum, na ɗauka kewa ce.

Abu uku ne a takardar. Na farko, Alhaji ya rubuta cewa ya janye wasiyyar da ya yi wa ɗan wansa, don ya riga ya ba shi jari lokacin da zai tafi Abijan. (Inda jarin ya shiga, wannan labarin wata rana ne.) Na biyu, ya amsa cewa matarsa na bin sa miliyan ɗaya da jikka 800, kuɗin sarƙa da awarwaron zinariyarta da ya sayar shekarar da kayansa suka nutse a ruwa, ya sake tayar da shago da su. Na uku, rabin shago a ba yaron nan maraya, sallamarsa ke nan. A ƙasa ga kwanan wata, shekara biyu kafin rasuwarsa, ga sunan shaidu biyu, liman ɗin unguwa da tela maƙwabcin shago.

Da labari ya isa kunnen mai carbi, sai ya zama babban malami dare ɗaya. Ya bi majalisa majalisa yana cewa mace ta zauna a ɗaki ta ƙaga takarda. Ya aika saƙon murya har ga dangin da ke Libiya. A gidan mai unguwa, inda aka fara neman sulhu, ya buga ƙafa ya ce: "Babu wasiyya ga magaji! Hadisi ne!" Hadisi ne kam, ba wanda ya musa. Sai dai wani dattijon malami da ke zaune a gefe ya ce masa: "Alhaji, hadisin daidai ne, wurin da ka ajiye shi ne ba daidai ba. Da ya ce a ba matarsa kyauta bayan ransa, da mun soke, sai in ku magada kun yarda. Amma wannan bashi ne. Bashi kuwa shi ake fara fitarwa bayan likkafani, kafin wasiyya, kafin gado, ko mai bin bashin matar mamaci ce." Ya ƙara da cewa abin da ake dubawa shi ne lokacin da mutum ya amsa bashin. In yana kwance a ciwon ajali ne ya ce matarsa na bin sa, ana zargin ko yana son ya fifita ta ne. Shi kuwa Alhaji ya rubuta wannan yana da ƙafarsa, duk mako yana hanyar Ƙonni.

Nan zan tsaya in yi wa matar nan adalci, in kuma yi wa shi mai carbin nasa. Takarda kawai ba ta isa ba. A mazhabar Malik da muke bi, ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, ba a zartar da wasiyyar da aka tsinta a adaka sai in ya kafa shaidu a kanta ko ya ce a zartar, domin mutum kan rubuta abu ya sake shawara ya manta bai yaga ba. Da shaidun nan babu su, da maganar mai carbi ta ci, kuma ni da ban rubuta wannan ba. Shi ma abin da ya dogara da shi ke nan: ya san liman ɗin unguwa ɗansa ya ɗauke shi zuwa Yamai neman maganin ido tun kafin rasuwar, ya san tela maƙwabcin shago yana ci-rani a Abijan. Ya manta Ba'adare ko ina ya kai, damina na dawo da shi gona. Ruwan farko bai sauka ba sai ga tela da jakarsa. Liman kuma aka yi masa aiki ya dawo, ido ɗaya na gani tar. Su biyun suka tsaya gaban alƙali da malaman da ke zama tare da shi kan sha'anin gado, kowa ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, bayan sallar la'asar a cikin shago, ya ce Alhaji da bakinsa ya karanta musu.

Sai aka zo kan maganar wacce za a bi cikin takardun biyu. Mutane da yawa sun ɗauka ta baya kullum tana kashe ta farko. Ba haka ba ne. Da Alhaji bai rubuta kalmar janyewa ba, da ɗan wansa da marayan nan sun raba sulusin ne tsakaninsu, kowa gwargwadon abin da aka ambata masa. Mai wasiyya yana da ikon sauya ta har ranar da zai cika, amma sai an ga alamar ya sauya ɗin. Layi ɗaya ne, "na janye wadda na yi a baya", shi ya tashi da miliyan ɗaya da ɗoriya daga wani gida. In da ni ce, da na sa an yi wa layin nan firam.

Rabin da aka rubuta wa yaro kuma bai zauna ba. Alƙali ya ce wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, abin da ya haura sai da yardar magada. Aka tambayi mai carbi, ya ce ko dala. Hajiya ta ce ita ba za ta yi kyauta da haƙƙin ƙaramar ɗiyarta da ba ta mallaki hankalin kanta ba. Aka tsaya a sulusi, yaron bai ce uffan ba, hawaye kawai yake.

Aka sake lissafi. Daga miliyan 10 da jikka 800 aka fitar da bashin Hajiya, saura miliyan 9 cif. Sulusi, miliyan 3, na yaro. Miliyan 6 aka kasa 24: tumunin Hajiya jikka 750, kowace ɗiya miliyan 2, wa kuma miliyan ɗaya da jikka 250. Ku lura da kyau, ku masu cewa kwaɗayi ne ya sa ta fito da takarda: tumuninta raguwa ya yi, kuma kowace ɗiya tata ta rasa jikka 400. Ta san haka tun a kwana ukun nan da ta yi shiru, ta lissafa da yatsunta. Zinariyarta ce kawai ta dawo, wadda ba ta taɓa ambata ba ko a taron dangi, don kunya. Wanda ya faɗo daga miliyan 5 zuwa ɗaya da kwata, shi ne har yau yake yawo da maganar kwaɗayi a baki. Kura ce ke ce wa kare maye.

Shagon ba a sayar ba. Hajiya da ɗiyanta da yaron suka haɗa rabonsu suka bar shi a ciki, suka biya mai carbi nasa lakadan, aka rubuta, ya sa hannu yana huci. Ranar da zai mayar da makulli bai zo da kansa ba, almajiri ya aiko da shi a cikin leda. Yanzu in kun bi ta wajen ranar Lahadi za ku ga yaron a bayan sikeli, ƙaramar ɗiyar tana riƙe masa littafin bashi in an tashi lakkol.

Af, na kusa mantawa. A cikin adakar nan ba gafaka kaɗai ke akwai ba. Akwai littafin da Alhaji ke rubuta kayan da suka shigo, kuma shafin ƙarshe ya nuna buhun sukari 60 da aka sauke ana gobe zai kwanta. Ranar ƙidaya 22 aka samu. Tsakanin sadakar uku da ta bakwai makulli a hannun mutum ɗaya yake, mai gadin layin kuma ya ce ya ga amalanken jaki sau biyu bayan sallar isha'i. Hajiya ta ce a bar wa Allah. Ni dai littafin yana wurina, na sa shi a leda kada ruwa ya taɓa shi.