Dodon da ya ɗauki laifin bam

Da asubahin 1 ga Maris 1954, masunta 23 da ke cikin wani jirgin ruwan Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru suka ga haske ya keto ta yamma, ba ta inda rana ke fitowa ba. Amurka ce ta gwada bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu. Bayan sa'o'i kaɗan wata farar toka ta fara zubo musu a ka da tufafi. Kafin su iso gida Yaizu, fatarsu ta ƙone, gashi ya fara zuba. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Tsoro ya shiga kasuwanni, mutane suka ƙaurace wa kifi, aka riƙa zubar da wanda awo ya nuna ya gurɓata.

Wata takwas bayan gwajin, kamfanin Toho ya fitar da fim ɗin Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla. Da me ya buɗe? Ma'aikatan jirgi suna hutawa, wani na kaɗa jita, sai haske ya tashi daga teku, jirgin ya kama da wuta. Babu ɗan Japan da ya zauna a silima a lokacin da yake buƙatar a yi masa fassara.

A ganina babban aikin dodo a fim ɗin ban tsoro shi ne ya ba abin da ido ba ya gani jiki. Tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, sai ya gama ɓarna a cikin jini kake sanin ya shige ka. Ta yaya za a ɗauki wannan a kyamara? Sai aka yi masa ƙafafu da haƙora da tsawon mita 50, aka ce gwajin bam ne ya taso shi daga ƙarƙashin teku. Darakta Ishiro Honda tsohon soja ne, ya kuma ratsa ta Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi. Shi ya sa bai tsaya ga rushewar gine-gine kawai ba. Ya nuna uwa ta durƙusa a gefen titi ta rungume 'ya'yanta, wuta na ci, tana ce musu saura kaɗan su tarar da babansu. Ya nuna asibiti cike maƙil, likita ya kara na'urar awo a jikin yaro, tana ta ƙara. Wannan wurin ya fi rurin dodon tayar mini da hankali. Kada a manta, har zuwa 1952 Japan na hannun sojojin mamaya, waɗanda suka taƙaita abin da za a buga game da bam ɗin. Bakin da aka ɗaure shekaru, da dodo ya samu ya yi magana.

Amma wannan dabara tana da tsada, kuma masu yabon fim ɗin ba su cika faɗa ba. Da zarar tsoro ya zama dabba, mai laifi ya sulale. Bam mutane ne suka ƙera shi, wani ya ba da umarni, wani ya saki. Gojira kuwa daga ruwa yake fitowa kamar ambaliya, ba wanda za a kai ƙara. Fim ɗin bai nuna Amurka da yatsa ba, bai kuma tambayi Japan abin da sojojinta suka aikata a China da Koriya ba. Kowa ya zama wanda aka zalunta.

Sannan dodo ana iya kashe shi. A cikin fim ɗin, masanin kimiyya Serizawa ya ƙone takardun sabon makamin da ya ƙirƙira, ya nutse ya hallaka Gojira, ya yanke igiyar da za a jawo shi don sirrin ya mutu tare da shi. Mai kallo ya fita da sanyin zuciya, alhali tokar Bikini ba ta da wuyan da za a yanka. Honda ya ga wannan ramin, shi ya sa ya sa wa dattijon masanin nan na cikin fim ɗin, Yamane, gargaɗi a baki a ƙarshe, cewa muddin ana ci gaba da gwaji, wani zai sake bayyana.

Ma'anar kuma ba a jikin dodon take manne ba, ana iya kankare ta da almakashi. A 1956 aka sake yanka fim ɗin don kasuwar Amurka, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka zubar da yawancin maganganun bam, har da hirar cikin jirgin ƙasa inda wata mata ke cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki. Dodon nan dai shi ne, birnin ma ya ƙone yadda ya ƙone, amma ya koma abin kallon nishaɗi. A finafinan da suka biyo baya Toho da kanta ta mai da shi gwarzon yara mai kare Japan. Asalin fim ɗin 1954 bai samu zagaya silimomin Amurka ba sai 2004, shekara 50 cif bayan rasuwar Kuboyama.